Zagayen Gona da Tef da Kamfas: Yadda Awo Ke Tona Kuskurensa

A ƙauyuka da unguwannin gefen gari, idan za a sayar da gona ko a raba ta gado, awon da aka saba yi ba ya wuce jan igiya ko tef a gefe huɗu. A haɗa tsawon gefen gabas da na yamma a raba biyu, a yi haka da na kudu da arewa, sannan a ninka wannan da wancan, a ce ga girman gona. Idan gonar murabba'i ce sak, lissafin ya yi daidai. Amma gonakin da kakanni suka sare ba da rula aka yanka su ba, kuma tsawon gefe huɗu kaɗai ba ya tsayar da siffar fili. Fili mai mita 100 a kowane gefe, idan kusurwoyinsa a tsaye suke, murabba'in mita 10,000 ne, wato hekta ɗaya cif. Idan kuwa ya karkace har kusurwa biyu suka tsuke zuwa digiri 60, gefunan suna nan a mita ɗari-ɗari, amma girman ya sauko zuwa 8,660. Igiya ba za ta taɓa nuna wannan bambanci ba. Abin da ya fi damuwa shi ne kuskuren wannan hanya gefe ɗaya yake faɗawa: ko dai ta ba da daidai, ko ta kumbura girman fili, ba ta taɓa rage shi. Mai saye ne kullum yake kwana ciki.

Abin da ya rage shi ne a san inda kowane gefe ya fuskanta, kuma wannan aikin kamfas ne. Tef ya faɗi tsawo, kamfas ya faɗi fuska, mai awo ya bi iyaka daga kusurwa zuwa kusurwa har ya dawo inda ya tashi. Wannan shi ne rufaffen zagaye, darasin farko da ɗaliban safiyo suke yi a fili, daga Makarantar Safiyo ta Tarayya da ke Oyo har zuwa kwalejojin kimiyya da fasaha irin ta Kaduna. Darajarsa tana cikin dawowar nan. A ƙasa mutum ya koma kan turken da ya fara, babu shakka, amma a kan takarda alƙalumansa ba za su koma daidai wurin ba. Ɗan giɓin da ya rage tsakanin inda aka tashi da inda lissafi ya sauka shi ne ma'aunin ingancin aikin gaba ɗaya.

Kayan aiki da shiga gona

Kayan ba su da yawa. Tef mai mita 30 ko 50, wanda ya gaji sarƙar awo mai ƙafa 66 da Edmund Gunter ya fito da ita a Ingila a 1620. Sanduna dogaye masu fentin ja da fari don a hango su daga nesa. Turaku na katako, da tsinkayen ƙarfe da ake cakawa a ƙarshen kowane jan tef. Littafi da fensir. Sai kamfas mai madubin karatu, irin wanda Charles Schmalcalder ya yi wa rajista a Landan a 1812, wanda yake ba mutum damar saita sanda da ido, ya kuma karanta digiri a lokaci guda ba tare da ya ɗaga kai ba. Zoben da ke cikinsa an tsaga shi daga 0 zuwa 360, yawanci rabin digiri-rabin digiri. Arewa 0 ce, gabas 90, kudu 180, yamma 270, ana ƙirgawa ta hannun dama kamar tafiyar agogo. Idan aka ce fuskar layi 110 ce, ana nufin layin ya nufi gabas ya ɗan karkata kudu da digiri 20.

Kafin a taɓa tef, ana fara zagaya gonar da ƙafa tare da masu ita da maƙwabtan iyaka, a amince da kowace kusurwa, a kafa turke. Wannan ba lissafi ba ne, amma awon da aka yi a kan iyakar da ba a yarda da ita ba ɓata rana ne. Dole daga kowane turke a iya hango na gaba da na baya. Idan iyaka ta lanƙwasa, a ƙara turke a wurin lanƙwasar.

A ɗauki misalin gona mai kusurwa huɗu, a kira turakunta A, B, C da D. Mai kamfas ya tsaya a kan A, ya daidaita kamfas a kwance don allura ta yi lilo ba tare da gogar komai ba, ya jira ta natsu, ya saita sandar da ke B ya karanta 30. Kafin ya bar wurin ya juya ya saita D ya karanta 105.5. Masu tef su biyu su ja daga A zuwa B, mai kamfas yana daga musu hannu su tsaya kan layi, suka sami mita 80.0. A koma B, a saita baya zuwa A, a saita gaba zuwa C, haka har a gama. Kowane layi ke nan an karanta shi sau biyu, sau ɗaya daga kowane ƙarshe. Ga abin da littafi ya ƙunsa da aka tashi:

```
Layi   Tsawo    Fuskar gaba   Fuskar baya
AB      80.0        30           210
BC     100.0       110           292
CD      70.0       202            20
DA     113.6       285.5         105.5
```

Turken da ya yi ƙarya

Wanda ya nufi gabas, idan ya juyo yamma zai fuskanta. Don haka fuskar gaba da ta baya na layi ɗaya dole su bambanta da digiri 180, kuma wannan ne binciken farko, wanda ake yi tun ana tsaye a gona. Layin AB ya ba da 30 da 210, ya yi. DA ya ba da 285.5 da 105.5, shi ma ya yi. Wannan ya wanke turaku uku, A, B da D. Amma BC ya ba da 110 da 292, bambancin 182, CD kuma ya ba da 202 da 20, shi ma 182. Layukan biyu turken C ne ya haɗa su, kuma duk karatun da aka yi a kansa ya haura da digiri 2.

Dalili kusan kullum ƙarfe ne. Allurar kamfas maganaɗisu ce, tana bin maganaɗisun duniya, amma ƙarfen da ke kusa yana janta gefe. Bututun rijiyar burtsatse, ƙofar ƙarfe, waya mai ƙaya, rufin kwano, rodin da ke cikin ginshiƙi, babur da aka jingine a gindin bishiya, turken wutar lantarki, duk suna iya yin haka, har da wasu duwatsun da ke da tama a ciki. Idan abin a kafe yake, gyaran mai sauƙi ne, domin jan da yake yi iri ɗaya ne ga duk karatun da aka yi a wannan turke: a cire 2 daga 292 ta koma 290, a cire 2 daga 202 ta koma 200. Kusurwar cikin gona a C ba ta ma canza ba, 90 ce kafin gyara da bayansa.

Wanda ba ya gyaruwa shi ne ƙarfen da ke jikin mai awo. Wayar hannu a aljihun gaba, makullan babur, agogo, har firam ɗin tabarau, suna yawo tare da mutum, jan da suke yi kuma yana sauyawa duk lokacin da ya juya. Irin wannan kuskure ba shi da tsari, ba a iya cire shi da lissafi. Mai kamfas ya miƙa wa wani kayan aljihunsa kafin ya fara, tef ɗin ƙarfe da tsinkaye kuma a ja su nesa lokacin karatu.

Akwai bincike na biyu mai sauri. Kusurwoyin cikin fili mai gefe huɗu jimillarsu 360 ce, mai gefe biyar 540, kowane ƙarin gefe yana ƙara 180. A wannan gona kusurwar A 75.5 ce, B 100, C 90, D 94.5, sun haɗa 360.

Shi ma tef yana da halinsa, kuma kusan duk kurakuransa ƙara tsawo suke yi. Idan ya yi ciki a tsakiya saboda ba a ja shi da ƙarfi ba, ko ya kauce layi ya zagaye kututture, ko aka kwantar da shi a kan gangare, lambar da za a karanta ta fi gaskiya. Taswira tsawon kwance take so. Jan tef na mita 30 a gangaren da ya sauka mita 3, tsawonsa na kwance mita 29.85 ne, an yi asarar santimita 15 a ja ɗaya. Maganinsa a riƙe tef a miƙe, a auna gajere-gajere kamar matakala, a sauke ƙarshen zuwa ƙasa da igiya mai nauyi. Zafin rana kuwa, wanda ɗalibai suke yawan damuwa da shi, ba abin tada hankali ba ne a nan. Tef ɗin ƙarfe mai mita 30 da aka daidaita a ma'aunin zafi 20, idan zafi ya kai 40 kimanin milimita 7 yake ƙaruwa. Kamfas da ya kauce da rabin digiri kawai yana jefa ƙarshen layin mita 100 gefe da santimita 87. A wannan aiki kamfas ne mai rauni, a kansa ya kamata a kashe lokaci.

Sauke gona a kan takarda

An dawo gida da layuka huɗu masu tsabta: 80.0 a fuskar 30, 100.0 a 110, 70.0 a 200, sai 113.6 a 285.5. Zagayen duka mita 363.6.

A zaɓi sikeli. Ga wannan gona 1 cikin 500 ya dace, wato santimita 1 a takarda tana wakiltar mita 5 a ƙasa. AB zai zama santimita 16, BC 20, CD 14, DA 22.7, kuma zanen zai zauna sakayau a takardar A3. A ɗiga A can wajen hagu, a ja siririn layi tsaye ta cikinsa, shi ne arewa. A ɗora ma'aunin kusurwa, a ƙirga 30 ta dama, a ja santimita 16, an sami B. A B a sake jan layin arewa, wanda dole ya yi daidai da na farko ba karkata, kuma takarda mai gidaje ta fi sauƙaƙa wannan. A ƙirga 110, a ja santimita 20. Haka har layin ƙarshe, wanda ya kamata ya faɗa kan A.

Ba zai faɗa ba. Zai tsaya a wani ɗigo kusa da A, ɗan kudu maso gabas da shi, tazarar milimita ɗaya da 'yan kai. Wannan shi ne giɓin rufewa.

A nan ne ake gane mai gaskiya. Jarabar da ke zuwa ita ce a ɗan lanƙwasa layin ƙarshe ya shiga A, zane ya fito tsaf, babu wanda ya sani. Wanda ya yi haka ya share shaida guda ɗaya tilo da ke nuna ko aikinsa na amfani ne, ya kuma ɗora wa gefe ɗaya, da maƙwabcin da ke wannan gefe, laifin da gefe huɗu suka tara.

Sai dai zane yana da iyaka. A wannan sikeli, kaurin layin fensir na rabin milimita santimita 25 ne a ƙasa, ma'aunin kusurwa na 'yan makaranta kuma yana ƙara nasa kuskuren. Giɓin da aka gani a takarda gauraye ne na kuskuren gona da na tebur. Don a ware na gona zalla, sai a koma kalkuleta.

Lissafin giɓi

Tunanin mai sauƙi ne. Kowane layi ana iya fasa shi gida biyu: nawa ya matsa arewa ko kudu, nawa kuma ya matsa gabas ko yamma. Wanda ya zagaya ya dawo inda ya tashi, duk arewar da ya yi ya biya ta da kudu, duk gabas ya biya ta da yamma, saboda haka jimillar kowanne ya kamata ta zama sifili. Kalkuletar kimiyya tana yin fashin da maɓallai biyu, muddin allonta yana kan DEG:

```
arewa = tsawo × cos(fuska)
gabas = tsawo × sin(fuska)
```

Idan amsa ta fito da alamar ragi, kudu ke nan ko yamma. Layin AB ya matsa mita 69.28 arewa da 40.00 gabas. BC ya sauko 34.20 kudu, ya tafi 93.97 gabas. CD ya sauko 65.78 kudu, ya koma 23.94 yamma. DA ya hau 30.36 arewa, ya koma 109.47 yamma.

Arewar da aka yi duka 99.64 ce, kudu 99.98. Kudu ta yi rinjaye da santimita 34. Gabas 133.97 ce, yamma 133.41, gabas ta yi rinjaye da santimita 56. Lissafi ke nan ya sauke mai awo santimita 34 kudu da A, santimita 56 gabas da shi, daidai ɓangaren da zane ya nuna. Tazarar kai tsaye tana fitowa ta dokar Pythagoras:

```
√(0.34² + 0.56²) = 0.66
363.6 ÷ 0.66 ≈ 550
```

Giɓin santimita 66 ne. Shi kaɗai ba ya cewa komai, domin santimita 66 a zagayen fulotin ƙafa 50 da ƙafa 100 abin kunya ne, a zagayen gonar kilomita biyu kuwa abin yabo. Shi ya sa ake raba tsawon zagaye da giɓin, a ce aikin ya rufe a 1 cikin 550: kuskuren mita ɗaya a kowace tafiyar mita 550.

Shin wannan ya isa? Kayan aikin ne suke ba da amsa. Mai kyakkyawan ido da ke karanta kamfas yana iya kaucewa da rubu'in digiri, wanda yake daidai da 1 cikin 230 a kan layi guda. Kurakuran layuka daban-daban suna ɗan kashe juna, don haka zagayen da ya rufe a 1 cikin 300 zuwa 600 aikin kirki ne ga tef da kamfas. Masu ƙididdigar amfanin gona, waɗanda girman gona kawai suke nema, sukan karɓi giɓin da bai wuce kashi 2 ko 3 cikin ɗari na zagaye ba. Masu awon iyaka da na'urorin zamani kuwa 1 cikin 5,000 ko fiye suke nema. Duk wanda ya kawo awon kamfas ya ce ya rufe babu giɓi ko santimita ɗaya, ya cancanci a nemi ganin littafinsa na fili, domin kamfas ba shi da wannan idon.

Idan giɓin ya yi girma

Ƙaramin giɓi tarin ƙananan kurakurai ne da ba wanda ya isa ya guje musu. Babban giɓi kuwa yawanci katoɓara ɗaya ce, kuma abin sha'awa shi ne giɓin da kansa yakan nuna inda take.

A ce masu tef sun manta ja ɗaya a layin BC, suka rubuta 70 maimakon 100. Wannan yakan faru idan ba a ƙirga tsinkaye ba, ana hira ana ja. Zane zai buɗe da giɓin kusan mita 30, kuma idan aka ɗora rula a kan giɓin za a ga ya kwanta daidai da kwanciyar BC. Giɓin da ya bi fuskar wani layi, tsawon wannan layin ne abin zargi, musamman idan girmansa ya yi daidai da tsawon tef.

A ce kuma mai kamfas ya rubuta 210 maimakon 200 a layin CD. Giɓin zai kai kimanin mita 12, amma a wannan karon zai gitta CD ne, kusan a tsaye. Giɓin da ya gitta layi, fuskar layin ce abin zargi. Irin wannan ma bai kamata ya iso gida ba, domin fuskar baya za ta kama shi tun a gona, idan an karanta ta. Masu gaggawa su ne suke tsallake karatun baya don su rage rabin aiki, su ne kuma suke komawa gona washegari.

A duka halin biyu hukunci ɗaya ne: a koma a sake auna layin da ake zargi. Ba a raba katoɓara. Wanda ya rarraba giɓin mita 30 a kan gefe huɗu ya lalata uku masu kyau don ya rufa wa ɗaya asiri.

Rabon giɓi

Ƙaramin giɓi shi ake rabawa, kuma ƙa'idar da ake bi ta haura shekara ɗari biyu. A 1808 wata mujallar lissafi ta Amurka mai suna The Analyst ta buga tambayar da Robert Patterson ya sa wa kyautar dala goma: yaya ya kamata a gyara awon filin da bai rufe ba? Wanda ya ci shi ne Nathaniel Bowditch na garin Salem, wanda ya koyar da kansa lissafi, ya kuma yi suna da littafinsa na tuƙin jiragen ruwa. Amsarsa ita ce kowane layi ya ɗauki rabon kuskure gwargwadon tsawonsa, domin doguwar tafiya ta fi gajeriya damar tara kuskure.

A aikace, kowane turke ana matsar da shi gwargwadon nisan da aka yi kafin a iso shi. A yana nan inda yake. An iso B bayan mita 80 cikin 363.6, kashi 22 cikin ɗari na tafiya, don haka B zai matsa kashi 22 na giɓin, santimita 14. An iso C bayan mita 180, kusan rabi, zai matsa santimita 32. D bayan mita 250, santimita 45. Ɗigon ƙarshe ya matsa 66 ɗin duka ya hau kan A. Dukansu fuska ɗaya suke matsawa, fuskar da ta tashi daga ɗigon ƙarshe zuwa A, a nan arewa maso yamma. A takarda ana yin haka da jan gajerun layuka masu kwanciya ɗaya da giɓin ta kowane turke, a ɗiga sabon wuri, a haɗa da jan biro don a bambanta shi da zanen farko. A lissafi kuwa ana raba 34 ɗin da 56 ɗin ne daban-daban da wannan kaso.

Bayan gyara, B yana mita 69.36 arewa da A da 39.88 gabas, C yana 35.25 arewa da 133.69 gabas, D yana 30.46 kudu da 109.64 gabas. Daga waɗannan, ko ta tsaga zanen gida biyu masu kusurwa uku-uku, girman gonar ya fito kimanin murabba'in mita 7,900. Hekta 0.79 ke nan, eka biyu ba kaɗan. Da an bi hanyar igiya da ninkawa, 75 sau 106.8, da an ce 8,010, an ƙara wa gonar murabba'in mita ɗari da 'yan kai da babu su a ƙasa, alhali wannan gona ba ta ma karkace sosai ba.

Ya kamata a fahimci abin da rabon ya yi. Bai gano inda kuskuren yake ba, bai kuma mayar da awon ya zama gaskiya tsantsa ba. Ya dai shimfiɗa abin da ba a sani ba bisa adalci, ya ba da siffa rufaffiya da za a iya lissafa girmanta.

Abin da giɓi ba ya gani

Nan ne mutane da yawa suke ruɗuwa, har da waɗanda suka iya lissafin. Giɓin rufewa yana auna yadda alƙaluma suka yarda da juna ne. Kuskuren da ya shafi kowane layi daidai wa daida ba ya buɗe giɓi ko kaɗan.

Tef ɗin yadi ko na roba da ya sha ja da rana yakan miƙe. A ce wanda aka rubuta wa mita 30 ya zama 30.15. Kowane gefe zai fito gajere da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, zanen zai zama ƙaramin kwafin gonar, kuma zai rufe daidai yadda zai rufe da tef mai kyau. Girman kuwa zai ragu da kashi ɗaya cikin ɗari, kusan murabba'in mita 80 a wannan gona. Haka tef ɗin da ya tsinke aka ɗinke, ko wanda bakinsa ya gutsure, sai dai shi ƙara girman yake yi. Babu lissafin da zai nuna wannan. Sai an shimfiɗa tef ɗin kusa da na ƙarfe mai kyau an gwada kafin a fita.

Haka abin yake da arewa. Arewar da allura take nunawa ba ita ce arewar taswira ba, kuma bambancin yana sauyawa daga wuri zuwa wuri, daga shekara zuwa shekara. Ba ya taɓa siffar gona ko girmanta, juya zanen duka kawai yake yi. Amma ranar da aka ɗauko tsohon awo na shekara arba'in don a nemo turken da ya ɓace, wannan juyi zai iya kai mutum cikin gonar maƙwabci. Shi ya sa ake rubuta kwanan wata a kan kowane zane, a kuma ɗaure aƙalla turke ɗaya da wani abu mai daɗewa, kamar kusurwar gini ko rijiya, ta hanyar auna tazara da fuska.

Duk da haka hanyar ba ta tsufa ba. Masana ƙididdigar noma sun daɗe suna ɗaukar awon kamfas da igiya a matsayin mizanin da ake gwada sauran hanyoyi da shi, kuma da masu binciken Bankin Duniya suka so sanin ingancin na'urar GPS ta hannu a gonakin Najeriya, Habasha da Zanzibar, da shi suka kwatanta ta. GPS ta fi sauri nesa ba kusa ba, kuma a babbar gona tana wadatarwa. Amma ta wayar hannu takan kauce da mita uku zuwa biyar, fulotin da faɗinsa mita 15 ne kuwa ba ya ɗaukar wannan.

Iyakar ƙarshe ta doka ce. A Najeriya, taswirar da hukumomin filaye irin su KANGIS a Kano, KADGIS a Kaduna ko AGIS a Abuja za su karɓa don takardar mallaka, sai wadda safiyo mai rajista da hukumar SURCON ya sa wa hannu. Zanen tef da kamfas ba ya maye gurbinta. Wurinsa shi ne kafin a biya kuɗin gona, da lokacin rabon gado, da lissafin taki da iri, da duba ko abin da dillali ya faɗa ya yi kusa da abin da ke ƙasa. Duk wanda aka auna masa fili ta wannan hanya, ya nemi a nuna masa fuskar gaba da ta baya na kowane layi, a faɗa masa giɓin da aka samu kafin gyara, ya kuma tambayi ranar da aka gwada tef ɗin.